Ranar Da Na Ƙi Buga Motar Alhaji Yazid

Ni ne Ubale na Ɗanzomo, mai lodin shanu a karar Maigatari. In ka je ka tambaya aka ce ba a san ni ba, to ba Maigatari ka je ba. Shekara arba'in da bakwai ina tura bijimai cikin mota. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana aka rubuta a bango wucewa zan yi, amma in na ɗora tafin hannuna a jikin sa, zan faɗa maka ko zai kai Legas a tsaye ko a hanya zai durƙushe. Ƙaho ya shige ni a haƙarƙari sau biyu. Tirela ta taɓa kifewa da ni a wajen Gagarawa, na fito daga ƙarƙashin shanu talatin da ƙafata, har na taya yanka waɗanda suka karye. Babban farin nan da shanu suka riƙa faɗuwa a tsaye ya zo ya same ni, ya tafi ya bar ni. Duk waɗannan ba su kayar da ni ba. Wanda ya kusa kayar da ni mutum ne mai fara'a, da goro a hannu.

Wanda bai sani ba yana zaton lodi turawa ce kawai. Da farko sai a shimfiɗa yashi a cikin mota don kada kofato ya zame. Motar ta ja da baya ta manne da tudun lodi. Sai a shigar da manya, a jera su kai da gindi, wannan ya kalli dama, na kusa da shi ya kalli hagu, a ɗaure ƙahon kowanne a ƙarfen gefe. Igiya in ta yi tsauri wuya ya sage, in ta yi sako-sako ya soki ɗan'uwansa. Raunanan kuwa ba a sa su tsakanin ƙarti, sai can baya wajen ƙofa, inda in ɗaya ya kwanta masu rakiya za su iya tayar da shi. Sa in ya faɗi a tsakiyar mota, kafin a kai Kano 'yan'uwansa sun tattake shi.

A ƙungiyarmu akwai ƙa'ida. In an gama lodi, babban mai lodi zai hau ya duba, ya sauko ya bugi jikin motar da sanda sau uku. Direba bai isa ya tayar ba sai ya ji bugun nan. In wani abu ya faru a hanya, sunan mai sanda za a kira. Shekara goma sha tara sandar tana hannuna.

Na biyu gare ni shi ne Dalhatu, mutumin Gumel, mai kimanin shekara arba'in da biyar. Aiki kam ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Duk ranar Alhamis, ranar kasuwa, tun daga nesa zai fara.

"Baba Ubale! Giwa sha kallo! Bijimi ya gan ka ya sunkuyar da kai!"

"Ɗan nema, ka karya ko da yunwa kake yi mini kirari?"

"Ganin ka ma ƙoshi ne, Baba. Ga goronka."

Ni kuwa ina son yabo, ban taɓa ɓoyewa ba, don na cancanta. Ta nan ya shige ni.

Da aka yi sabon ciyaman na ƙungiya, Abdulganiyu, mai boko da natsuwa, ya ce daga yanzu jerin motoci da lokacin lodinsu a waya zai riƙa turawa a rubuce. Wayata ƙarama ce, ta kira da amsawa. Kafin in buɗe baki Dalhatu ya ce, "Ciyaman, kada ka wahalar da Baba. Ka turo mini, ni zan riƙa faɗa masa." Na ji daɗi har na sa masa albarka. Ashe da hannuna na miƙa masa kunnena.

Wata Alhamis ya ce mini motar Alhaji Yazid, babban falken da ke kai shanu Kurmi, can kudu, sai bayan azahar. Na tafi cikin kara ina taya wani Bafulatani duba maraƙi. Da na dawo, mota ta cika, ana nema na tun hantsi, direba yana huci. Na hau na duba, na buga, ta tafi. Na ce wa Dalhatu, "Ba bayan azahar ka ce ba?"

Ya dafa ƙirji. "Kafin azahar na ce, Baba. Hayaniyar kasuwa ce. Kada ka damu, na rufa maka asiri wajen Ciyaman."

Na yi masa godiya. Ni Ubale, na yi godiya!

Bayan sati biyu aka sake. Sai kuma aka yi taron ƙungiya a Sule Tankarkar ban ji ba sai da aka dawo. Sai na lura Ciyaman ya fara yi mini magana a hankali, da ƙarfi, irin yadda ake yi wa kurma. Direbobin da a da suke zuwa wajena kai tsaye suka koma tambayar Dalhatu. Ba wanda ya zage ni. Gaisuwa ma ƙaruwa ta yi. Wuri ne kawai yake ta matsewa, kamar riga ta sha ruwa.

Iya Talatu mai tuwo, wadda rumfarta ke bayan ofishin ƙungiya, ita ta buɗe mini ido. Tare muka tsufa a karar nan, ba ta jin tsorona, ita kaɗai ce kuwa. Na zauna cin tuwo ta zuba mini miya ta tsaya a kaina.

"Ubale, ashe ka fara ruɗewa ban sani ba?"

"Ruɗewa? Ke ce dai kika ruɗe, jiya gishiri sau biyu kika zuba."

"To ɗanka na kirari ne ya faɗa. A kan bencin nan, shi da Ciyaman. Har da share ido. Wai Baba ya fara mantuwa, a faɗa masa lokaci ya manta, ido ya yi rauni, ɗaurinsa ma sai ya bi baya ya gyara. Wai shi yake ɗauke da aikin a ɓoye don mutuncinka."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Ta ci gaba.

"Ciyaman ya ce bari ya kira ka ya ji. Sai Dalhatu ya ce, a'a, don Allah kada ka yi masa maganar, dattijo ne mai zuciya, kunya za ta kashe shi. A bi shi a hankali, a karɓi sandar, a ba shi kujera a inuwa a ce shi ne uban ƙungiya."

Nan na gane dabarar. Ni ya ce mini ya rufa mini asiri wajen Ciyaman, don kada in je in yi bayani. Ciyaman kuma ya roƙe shi kada ya tambaye ni, don kada in ji kunya. Ya tsaya a tsakiya, kowa ta bakinsa yake jin ɗan'uwansa, kowa kuma yana gode masa.

Na miƙe na ɗauki sanda. Iya Talatu ta riƙe bakin rigata.

"Ina za ka?"

"In fasa masa kai."

"Madalla. Ka fasa, a ce ga shi nan, tsohon ya haukace gaba ɗaya. Ka gama masa aikinsa kenan. Zauna ka cinye tuwona."

Na zauna. Dama ina da niyyar zama.

Kuskure ɗaya na yi, zan faɗe shi don na isa in faɗa. Washegari na ja Dalhatu gefe, mu biyu, ba shaida. Na ce na ji abin da yake faɗa. Ya yi salati, ya rantse, har ya durƙusa ya kama ƙafata.

"Ni, Baba? Ni da na koyi ɗauri a hannunka? Masu son raba mu ne. Waye ya faɗa maka?"

Ban faɗa masa ba, ban yi wautar nan ba. Amma kafin sati ya zagayo, Iya Talatu ta ce ya ƙara sabon baiti: Baba yanzu har zargin mutane yake yi, yana jin maganganun da ba a yi ba. Wato maganar da na yi masa a ɓoye ita ma ya kai ta kasuwa ya sayar. Daga ranar na yi wa kaina alkawari, ni da Dalhatu ba sauran magana sai da kunne na uku.

Na sauya tafiya. Tun da sassafe acaɓa yake sauke ni, in wuce ofis kai tsaye.

"Ciyaman, mota nawa yau, wace ce ta farko?"

"Ai na tura wa Dalhatu, Baba."

"Na sani. Ina son in ji daga bakinka. Bakinka ya fi na waya daɗi."

Sai ya faɗa, ni kuma in maimaita da ƙarfi a gaban duk wanda ke wurin, "Ta Alhaji Yazid da hantsi, ta Fatakwal bayan azahar. Barau, ka ji ko?" Barau direban Alhaji Yazid ne, mutum mai gajen haƙuri da dogon tunani. Duk umarnin da zan ba Dalhatu kuma, sai na daidaici akwai direba ko mai rakiya a kusa. Shi yana yi mini kirari, ni ina amsawa, ina karɓar goro ina raba wa mutane. Sati huɗu ban makara ko sau ɗaya ba. Ciyaman ya fara kallona da wani ido. Dalhatu ya ga ƙasa tana zame masa, sai ya yi gaggawa.

Ana saura sati uku babbar salla, kara ta cika maƙil, motoci har bakin titi. Alhaji Yazid ya sayi shanu talatin da huɗu, cikinsu akwai wani jan bijimi mai dogon ƙaho da aka koro da ƙafa daga cikin Nijar. Kyakkyawa ne, a ido ba shi da aibu. Na dafa shi. Jikinsa da zafi, hancinsa a bushe, cinyarsa ta baya tana ɗan rawa can ciki, irin rawar da ido ba ya gani sai tafin hannu. Ya sha tafiya bai huta ba.

Na kira Dalhatu. Barau yana tsugune a gindin taya yana duba iska, taku uku daga inda muke.

"Jan nan ba zai hau yau ba. A kai shi inuwa, a ba shi ruwa da harawa, ya bi motar gobe."

"An gama, Baba. Abin da ka gani a zaune, mu ko mun hau tirela ba za mu hango ba."

Aka kira ni wata motar da igiya ta tsinke. Da na dawo an rufe ƙofar ta Alhaji Yazid, Barau yana kan sitiya, Alhaji da Ciyaman suna tsaye a inuwa. Dalhatu ya tare ni da murmushi.

"Baba, ƙafarka ta gaji, kada ka hau. Na duba maka komai. Buga kawai."

Na ture shi na kama ƙarfe na hau. Shekara saba'in da ɗoriya, na hau kamar kadangare. Ga jan bijimin nan a tsakiyar mota, tsakanin fararen ƙarti biyu. Na fahimci lissafin. In na buga, sa ya mutu a hanya, sunana za a kira, shi kuma ya ce ya yi ƙoƙarin nuna wa Baba amma Baba ba ya jin magana. In jan ya kai lafiya, Dalhatu ba abin da ya rasa.

Na sauko. Na tsaya a gefen mota, na dogara sandata a ƙasa.

Barau ya leƙo. "Baba, rana tana yi!"

"Ta yi."

Alhaji Yazid ya matso, yana gyara hula. "Malam Ubale, lafiya? Motoci shida suna jiran tudun nan."

"Su jira, Alhaji. Wannan motar ba zan buga ta ba."

Mutane suka fara taruwa. Na ga Dalhatu ya matsa kusa da kunnen Ciyaman yana magana ƙasa-ƙasa, yana girgiza kai irin na tausayi. Ciyaman ya zo ya kama hannuna.

"Baba, zo mu je ofis mu yi magana, ba a gaban mutane ba."

"A'a, ɗana. Ofis da bayan rumfa su suka kawo mu nan. Yau a rana za a yi ta. Dalhatu, zo nan. Matso, ai ba cizo nake yi ba. Tsaya nan inda ni da Ciyaman za mu ji ka tare. Me ka raɗa masa yanzu?"

"Ba komai, Baba, cewa na yi ka gaji."

"Ciyaman, haka ya ce?"

Abdulganiyu ya dubi Dalhatu. Mutum ne da ba ya iya ƙarya, shi ya sa ma aka yi saurin yi masa. Ya ce, "Cewa ya yi kai ka ce a sa jan a tsakiya, yanzu ka manta."

"To. Dalhatu, me na ce maka a kan jan bijimin nan?"

"Baba, hayaniya ce ta yi yawa, wataƙila ban ji da kyau ba."

"Ɗazu ni na manta, yanzu kai ne ba ka ji ba. Zaɓi ɗaya, ba a hawa jaki biyu."

Aka fara dariya a baya. Barau ya buɗe ƙofa ya diro.

"Ni na ji. Ina gindin taya. Baba ya ce a kai shi inuwa ya bi motar gobe, kai kuma Dalhatu ka ce an gama. Da na ga an shigar da shi na ɗauka shawara aka sake."

Alhaji Yazid ba ruwansa da rigimarmu, dabbarsa ce a ransa. Ya ce, "Ni dai sa na gani lafiyayye. Sauke shi sai an fitar da goma sha biyar, awa guda kenan."

"Awa guda ko gawa guda, Alhaji. In kana son ta tafi haka, ga sanda, ba wa wanda kake so ya buga. Amma kowa ya shaida, ba hannun Ubale ba ne."

Na miƙa sandar. Na miƙa ta saitin Dalhatu. Wata huɗu yana haƙa rami don ita, ga ta an ba shi a gaban mutum ɗari. Ya kalle ta, ya kalli motar, ya mayar da hannuwansa baya. Ya san abin da ya ɗaure a ciki.

Ciyaman ya ce, "A buɗe."

Aka fitar da su ɗaya bayan ɗaya, ni da kaina na kwance igiyar jan. Ya tako har kan tudu, ya sauko taku biyar, ƙafafun baya suka lanƙwashe, ya zauna a ƙasa yana haki. Ko motar ba ta motsa ba. Alhaji Yazid ya cire hula ya share gumi, ya ce a kawo ruwa. Sannan ya kalle ni yadda ya saba kallona shekara goma da suka wuce.

Muka sake jera sauran, na gyara ɗauri biyu, na sauko na buga. Barau ya tayar.

Da la'asar Ciyaman ya tara mu, ni da shi da Dalhatu da dattawan ƙungiya uku. Ya bi zancen tun daga tushe: ranar azahar, ranar taron Sule Tankarkar, maganar ɗauri. Duk wadda ya ɗauko sai ya ce in faɗi abin da aka gaya mini, shi kuma ya karanta abin da ya tura. Ko ɗaya ba ta zo daidai ba. Dalhatu ya ce shaiɗan ne, ya ce shi dai tausayina yake ji, ya ce yana da iyali. Ni ban zage shi ba. Abin da ya faru kawai na riƙa faɗa, rana da wuri da wanda ke tsaye, ni da aka ce ina mantuwa.

Ba a kore shi ba, ban kuma nema ba. Hannunsa yana da kyau a igiya, kuma kara ba ta kowa ba ce. An dai cire shi daga na biyu, an mayar da shi shimfiɗa yashi da ɗauri. Jerin motoci kuma yanzu da baki ake faɗar sa a kan tudu da safe, kowa yana ji. Har yau yana gaishe ni, ina amsawa. Ban san abin da ke cikinsa ba, ban kuma damu ba, tunda ba ta bakinsa nake jin duniya ba.

Da kowa ya watse Ciyaman ya tsayar da ni. Ya ce, "Baba, ka yafe mini. Da na tambaye ka tun farko."

"Da ka tambaya."

"Amma tsakani da Allah, idon fa? Na ga kana matsawa kusa kafin ka gane mutum."

Na dube shi. Tambaya ce ta gaba da gaba, don haka na ba shi amsa ta gaba da gaba.

"Na hagun ya yi hazo, shekara biyu kenan. Ba ƙarya ya yi ba a nan. Amma jan bijimin nan, masu ido biyu-biyu nawa suka kalle shi yau? Alhaji ya kalla, dillali ya kalla, kai ma ka kalla."

Ya yi dariya. "To sai yaushe za ka huta?"

"Ranar da na kama ƙarfen tirela ƙafata ta ƙi bi na. Ranar da kaina zan hau tudun nan in faɗa, kowa yana ji, in zaɓi wanda zan ba. Kafin nan, duk wanda ya ce maka wani abu a kan Ubale, ka ce ya tsaya, ka aika a kira ni. Gobe mota nawa?"

"Tara."

"Wace ce ta farko?"